Kafin ka kashe kuɗi a kan firaktikal ɗin kemistiri: littafin fas kwashin, lesin, bidiyo ko sayen kayan lab?

Duk shekara idan WAEC da NECO suka matso sai iyaye su fara tare ni a ƙofar masallaci, Malam yaron nan ya ce a ba shi kuɗin firaktikal, me ya kamata mu saya masa? Yaran kuma kowa da abin da ya ji a wajen abokinsa, wani littafi yake so, wani lesin, wani data, wani ma cewa yake a saya masa biret nasa na kansa, wato dogon bututun gilashin nan mai awo da famfo da ake ɗiga asid da shi. To ni dai na daɗe ina tsayawa da ɗalibai a lab, bari in faɗi abin da na gani, kuma zan tsaya ne a kan taitireshan, wato ɗiga asid daga biret cikin wani ruwa har launi ya juya, don nan ne aka fi zubar da maki ba gaira ba dalili.

Da farko ka san me za ka tarar. Firaktikal ɗin kemistiri na WAEC shi ne takarda ta uku, awa 2, maki 50, tambaya uku. Ta farko taitireshan ce, ta biyu gwajin gano abin da ke cikin gishirin da aka ba ka, ta uku kuma ƴan gajerun tambayoyi ne kan aikin lab. In ka jera takardun shekarun baya za ka ga tsarin bai cika sauyawa ba, sinadarin ne kawai ake canzawa, shi ya sa bita da su take da amfani sosai. Amma akwai abin da takarda take koya maka akwai kuma abin da sai hannunka ya taɓa, kuma kuɗinka ya kamata ya bi wannan rabon.

Littafin fas kwashin shi ne farkon abin da zan ce a saya, shi ya fi araha kuma shi ya fi daɗewa yana aiki. Sai dai ba kowanne ba. Kafin ka biya ka buɗe shi a nan gaban mai shago ka duba ko akwai takarda ta uku a ciki, don wasu obje da tiyori kawai suke tarawa su bar firaktikal. Sannan ka duba amsar tambaya ta farko, shin sun zana tebur cikakke ko lissafi kawai suka yi? In ka ga an rubuta 24.1 maimakon 24.10 a tebur ɗinsu, ajiye shi ka ɗauki wani, wanda ya rubuta bai san yadda ake makin ba. Karatun biret lamba biyu ake so bayan ɗigo, ko da sifili ne sai ka rubuta 0.00, kuma ka sa cm³ a kan tebur.

Yadda ake cin moriyar littafin ba karantawa ba ne kamar labari. Ka rufe amsar, ka ɗauki biro da rula ka zana tebur da ka: layin karatun ƙarshe a sama, na farko a ƙasansa, sai adadin asid da aka yi amfani da shi, ginshiƙai kuma raf, wato gwajin farko na kimantawa, sai na 1, na 2, na 3. Ka yi ta zanawa har ya zama ba ka tunani. Da biro fa, ba fensir ba, kuma ka saba da rubuta lamba sau ɗaya, don lambar da aka goge aka rubuta wata a kanta mai makin yana ɗaukarta a matsayin an gyara ne don ta dace.

Bari mu yi guda ɗaya tare. A ce A shi ne HCl mai ƙarfin 0.100 mol/dm³, B kuma Na₂CO₃, ka ɗebi 25.00 cm³ na B da fifet, ka ɗiga metil orenj ɗigo biyu ko uku. Raf ya ba ka 24.60, sauran suka ba ka 24.10, 24.20, 24.10. Raf ɗin nan ya yi nisa, ba ya shiga abarej, waɗanda tazararsu ba ta wuce 0.20 ba su ake haɗawa, kuma ka nuna haɗawar a rubuce: ukun a raba da 3 ya ba ka 24.13 cm³. Sai ka koma kan ikweshan:

```
2HCl + Na2CO3 → 2NaCl + H2O + CO2
CAVA / CBVB = 2/1
CB = (0.100 × 24.13) / (25.00 × 2) = 0.0483 mol/dm3
```

In aka ce a giram ake so sai ka ninka da 106, wato nauyin mol ɗaya na Na₂CO₃, ka samu 5.12 g/dm³. Inda yara suka fi faɗuwa a nan shi ne 2 ɗin can, sun haddace 1 da 1 daga HCl da NaOH sai su kawo shi ko'ina, amsa ta fito ninki biyu. Duk wannan littafi kaɗai ya isa ya koya maka, ba ka buƙatar biyan kowa ko sisi.

Abin da littafi ba zai ba ka ba shi ne hannu. Yarinyar da ta haddace komai tsaf, ranar jarabawa ta kama famfon biret karon farko, hannu na rawa, asid ya zubo shaa, ruwan filas ya tsallake lemo ya koma ja, ta wuce wajen tsayawa da kusan 1 cm³. Kuma makin taitireshan ana auna shi ne da adadin da malamin makarantarku ya samu da wannan ruwan, in ka yi nisa da shi maki ya tafi ko da tebur ɗinka ya fi na kowa kyau. Nan ne lesin yake shigowa, kuma nan ne nake cewa a yi hattara da kuɗi. Na taɓa raka ɗan yayata wata cibiyar lesin da ta karɓi kuɗin firaktikal daban, muka tarar da yara sun fi arba'in a tsaye, malami ɗaya yana yi a gaba da biret ɗaya suna kallo, wallahi abin ya ɓata min rai don iyayen nan da ƙyar suka haɗa kuɗin. Tambayar da za ka yi kafin ka biya guda ce, yara nawa ne a kan biret ɗaya, kuma sau nawa ɗana zai yi da hannunsa? In biyu ne ko uku a kan saiti ɗaya, kuma zai samu zama uku zuwa huɗu, to kuɗin ya halatta. In kallo ne kawai, bidiyo ya fi shi araha. Kafin ma ka je waje ka fara tambayar makarantarku, sau da yawa kayan suna nan a kulle a sito, sinadari ne babu, in ƴan aji suka yi karo-karo aka sayo malami zai buɗe lab ranar Asabar.

Idan ka samu shiga lab ɗin kar ka ɓata lokaci a lissafi, ka yi bitar matakan kariya da hannu kana faɗin dalilin kowanne, don tambaya ta uku tana son dalili. Biret ana ɗauraye shi da asid ɗin da za a zuba, in da ruwa kawai ka ɗauraye asid ya tsinke, adadinka ya hau. Fifet da ruwan B, in ka bar ruwa a ciki B ya tsinke adadi ya sauka. Filas kuwa ruwan distil kawai, in ka ɗauraye shi da B ka ƙara masa abin da ba ka auna ba. Ka cire mazurari bayan ka cika biret, in ka bar shi ɗigo zai ci gaba da sauka ciki ya ɓata karatu. Ka buɗe famfo ka kori kumfar iska da ke maƙale a bakin ƙasa. Ɗigon ƙarshe da ya rage a bakin fifet kar ka hura shi, da shi aka yi awon. Ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, farar takarda a ƙarƙashin filas. In ka ga adadinka kullum yana sama da na sauran ƴan benci, fara zargin kumfa ko ɗauraya kafin ka zargi idonka.

Bidiyon YouTube fa? Yana da wajensa, musamman a tambaya ta biyu inda launi ne komai. Ka karanta sau goma cewa Fe²⁺ yana ba da kore mai dauɗa da NaOH, Fe³⁺ ja-ƙasa, Cu²⁺ shuɗi mai haske da yake narkewa ya koma shuɗi mai duhu in amoniya ta yi yawa, amma ganinsa sau ɗaya ya fi zama a kai. Ka sauke guda huɗu ko biyar da datar dare ka ajiye, ya isa. Ka dinga tsayar da bidiyon kafin mai yin ya faɗi sakamako, ka cike naka tebur mai gida uku, gwaji, abin da ka gani, abin da ka gano. Kamarar waya tana canza launi, don haka lemon metil orenj kar ka dogara da na allo. In kana da sauran data, shafin WAEC yana da rahoton manyan masu makin na shekarun baya kyauta, suna lissafa kurakuran da ɗalibai suka yi tambaya bayan tambaya.

Sayen kayan lab na kanka ban goyi baya ba, sai in ku biyar ko shida ne kuma akwai malami a kanku. Biret da fifet ba su kaɗai ba ne, akwai abin riƙewa, filas, indiketa, ga asid da sai an auna an tsinka shi daidai, in ba a yi daidai ba lambobin da kake samu ba su da ma'ana, ga haɗarin ajiye asid a gidan da ke da ƙananan yara, gilashin kuma saurin fashewa gare shi. In hannu kake so ya saba a gida, ka sayi sirinji sabo a kemis ka cire allurar, ka jiƙa kanwa ka tace ka zuba ɗan zoɓo a ciki zai yi duhu ya karkata zuwa kore, sai ka dinga ɗiga ruwan lemon tsami da hannun hagu kana juya kofin da dama har ja ya dawo. Ba zai ba ka lambar da za ka yi lissafi da ita ba, amma zai koya maka ɗigo ɗaya ɗaya da tsayawa da zarar launi ya juya.

Sai masu sayar da ekspo a WhatsApp da suke cewa za su turo maka adadin taita, wato adadin asid da taitireshan zai ci. Ban da cewa satar jarabawa ce da za ta iya jawo a riƙe sakamakonka, abin ma ba ya aiki, kowace makaranta ita take haɗa ruwanta, adadin wata makaranta a Kaduna ba shi ne na malaminku a Gusau ba, kuma da na malaminku za a auna ka.

In kuɗin kaɗan ne a hannunka, sayi littafin da ka duba da kyau, ragowar ka kai karo-karon sinadari a makaranta. In da hali ka ƙara lesin mai biret ɗaya ga yara biyu ko uku. Wanda kuma zai rubuta ta masu zaman kansu, wato GCE, ya tuna su ba sa taɓa biret, karatun ake ba su a takarda su yi aiki da shi, don haka shi kuɗin lesin ɗin lab gara ya sa shi a littafin da ke da irin nasu tambayoyin.