"Duba hoton nan", kuma babu hoton: wace amsa ta fi?

"Jama'a ina tsaron shagon maganin gona na kawuna nan Sakkwato. Wani manomin albasa daga Goronyo ya rubuto min a WhatsApp wai in duba hoton nan in gaya mai maganin da zai fesa, kuma wallahi ba hoton da ya shigo. Na ce mai 'sake turowa', kawu ya ce amsata ba ta cika ba. To mi ya kamata in ce?"

Ƙanena, kawunka na da gaskiya, amma kai ma ba ka yi ɓarna ba, don aƙalla ba ka yi kamar ka gani ba. Bari in ajiye maka amsoshi biyu kusa da juna ka duba da kanka.

Ta farko irin taka ce: "Sake turowa."

Ta biyu: "Baba barka da aiki. Rubutunka ya iso, amma hoton bai shigo wajena ba, don haka ban ga albasar ba tukuna. Ka duba wajenka ko akwai alamar agogo ko kibiya a jikin hoton, in akwai bai tashi ba, sai ka sake turowa in ka samu netwok. Ka ɗauko guda biyu da rana, ɗaya kusa da ganyen da ya lalace, ɗaya daga nesa a ga fangalin duka. Kafin nan gaya min, ko da murya ne: ganyen fari-fari ya yi kamar an kankare shi, ko tabo ne mai duhu? Kwana nawa da dashe? Akwai abin da ka riga ka fesa?"

Eh ta biyu ta fi tsawo, amma ka lissafa zirga-zirgar da kowace za ta jawo. Mutumen da ka ce ma "sake turowa" bai san mi zai sake turowa ba. Shi a wayarsa hoton na nan yana kallonsa, yana ganin ya gama nashi, watakila ma ya ɗauka rubutun ne bai je ba ya sake turo maka "duba hoton nan" karo na biyu. In ma ya gane, hoton farko zai sake dannawa, wanda ƙila da magariba ya ɗauke shi daga tsaye, ba abin da za ka gani sai kore-kore, sannan ka ce ya ɗauko wani, shi kuma ya riga ya baro fadama, sai gobe. Saƙo biyar kwana biyu ba a fara maganar magani ba. Ta biyun ta faɗi abin da ya iso da abin da bai iso ba, wanga shi ne kashin bayanta, kuma ba ta ce "ka manta ba ka saka hoto ba", don ba ka sani ba ko mantuwa ce ko netwok, kuma dattijo ba ya son yaro ya fara da ɗora mai laifi.

Amma kafin ka ce bai shigo ba, leƙa taka wayar tukuna, don sau da yawa matsalar na wajenmu. In ka ga hoto dishi-dishi da kibiya mai kallon ƙasa da ɗan adadin kB a tsakiya, hoton ya zo, kai ne ba ka sauke ba, ko datarka ta ƙare ko ka kashe Media auto-download a cikin Storage and data. In ka ga "Waiting for this message. This may take a while." to saƙon na hanya, yawanci sai wayarsa ta sake hawa netwok zai buɗe. In "This message was deleted" ne, shi ya goge. Akwai kuma mai lamba 1 cikin da'ira, wanda ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, in yaron shago ya riga ka buɗewa shi ke nan. Kowanne da abin da za ka ce mai, shi ya sa "ga abin da nake gani a wajena" ta fi "ban gani ba" amfani nesa ba kusa ba.

Inda na fi son ka tsaya shi ne tambayoyin ƙarshe, don nan ne amsoshin biyu sunka rabu da gaske. Ta farko ta jingina komai kan hoto, in netwok ɗin fadama ya ƙi, magana ta mutu. Ta biyu ta buɗe wata ƙofa, ko hoton bai taɓa zuwa ba aiki na tafiya. Kuma ba tambayoyin cika baki ba ne, kowace na raba hanya. In ya ce ganyen ya yi fari-fari yana sheƙi kamar an goge da farce, kuma in ya buɗa tsakanin ganyaye wajen wuya yana ganin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari na gudu, wannan aikin ƙwari ne masu tsotse ganye, sun fi yawa in zafi ya fara shigowa, maganin ƙwari ake nema. In kuwa ya ce tabo ne ya fara ƙarami ya faɗaɗa, tsakiyarsa shunayya-shunayya da zobe-zobe, ganyen na karyewa daga wajen, wannan cutar fangas ce mai son raɓa da laima, irin su mankozeb ake kamawa. Maganin ɗaya ba ya yi ma ɗaya komai. Shi ya sa ma anka tambaye shi abin da ya riga ya fesa, kar ka sake sayar mai da abin da ya gwada bai yi ba.

Akwai amsa ta ukku da ban saka cikin gwajin ba don ita ba ta cancanci zama kusa da su ba, wato ka ce "eh na gani, ƙwari ne, zo ka karɓi kwalba". Na taɓa yin ta, ba zan ɓoye ba. Wani ya rubuto min da rani cewa ga hoton albasarsa, ina cikin ciniki a Kara, na ce lokacin ƙwari ne ai, na haɗa mai maganin ƙwari yaronsa ya zo ya ɗauka. Bayan sati ya shigo shago da ganyen a leda, tabo ne shunayya ɓaro-ɓaro, ya yi asarar kuɗin magani da na mai feshi, ciwon kuma ya ƙara cin fangali. Da na buɗe hirar ina neman abin kare kaina, ba hoto ko ɗaya a ciki, rubutu ne kawai.

Sai dai doguwar ma tana da iyaka. Tambaya ukku ta isa, in ka jero goma ya zama fom ɗin banki, mutum zai amsa ta ƙarshe kawai ya bar sauran. Kuma in ka san Baban ba ya karatun boko sosai, yaronsa ke rubuta mai, kar ka wahalar da kanka da rubutu, danna murya ka faɗi wannan maganar cikin daƙiƙa 30. "Sake turowa" tana da wajenta, kamar tsakaninka da kawu in yana bayan shago ya ce ga rasit nan kuma bai shigo ba, ku biyu kun san abin da ake nufi kuma minti ɗaya ya gyara.

Ga na Goronyo kuwa, tunda ka riga ka tura gajeruwar, bi ta da murya yanzu, ka ce mai in ya je fadama da safe ya buɗa wuyan ganyen ya duba kafin ya ɗauki hoton.