Fassara tukuna ko taƙaitawa kai tsaye, in rubutun taro ya cakuɗe da Hausa da Turanci

"Salam 'yan uwa. Ni ce sakatariyar ƙungiyar unguwarmu, na kwafe rikodin ɗin taronmu na gyaran rijiyar burtsatse ya kai shafi 24, amma kowa Hausa yake yana tsoma Turanci. An ce in kawo taƙaitawa shafi ɗaya da Hausa zalla. In fara fassara duka ne sannan in taƙaita, ko in taƙaita kai tsaye?"

Wa alaikumus salam Malama sakatariya, sannu da ƙoƙari, kwafe shafi 24 ba wasa ba ne. Na gwada hanyoyin nan biyu duka, kuma a irin aikinki ni ta biyun zan bi, amma bari ki ga dalili da idonki.

Ta farko, wato ki bi layi-layi ki mayar da duk Turancin Hausa sannan ki zauna ki rage, amfaninta shi ne kina da cikakken rubutu da yare ɗaya wanda ko gobe wani ya ce ban faɗi haka ba sai ki buɗe masa shafin. Amma tana cin lokaci sosai, don za ki sha wahalar fassara gaishe-gaishe da barkwanci da musun da aka yi kan wa ya zo a makare, duk abin da ƙarshe zubar da shi za ki yi. Kuma ba ɓata lokacin ne ya fi damuna ba. Da zarar kin mayar da komai Hausa kin shafe wurin da mutum ya sauya harshe, alhali a taronmu na nan wurin sauyin nan ne maganar take ɓuya. Ki lura, kuɗi da kwanan wata da yanke hukunci yawanci da Turanci suke fita, amma sharaɗi da ƙorafi da lallashi da Hausa ake yinsu.

Ga misali irin wanda na tabbata akwai a naki, na rubuta Turancin yadda yake fita daga baki:

Ciyaman: To wi hab agirid, kowane gida tu fayif, dedlayin en of di mont. Wato Baba, kowane gida zai kawo dubu biyu da ɗari biyar, wanda Allah ya hore wa, kafin ƙarshen wata.
Dattijo: To, Allah ya kai mu.
Ma'aji: Ni dai ban ƙi ba, bot las tayim fa gida fiftin ne kawai suka biya.

Mai hanya ta farko in ya fassara layin ciyaman zai samu jimla biyu masu kama da juna, da ya zo taƙaitawa sai ya ce ai maimaici ne ya goge ɗaya, kuma galibi ta biyun yake gogewa don ta farkon ta fi kama da hukunci. Sai takarda ta fita da "an amince kowane gida zai biya ₦2,500". Alhali ba magana ɗaya ciyaman ya yi ba. Da Turanci ya ce dole ne, da ya juya wajen dattawa ya ce wanda Allah ya hore wa, ke nan matasa sun tashi da cewa haraji ne, dattawa sun tashi da cewa gudummawa ce. Ni wannan ya taɓa cina a wani taron iyayen yara, na rubuta "kowa zai biya", aka kafe a allo, washegari wani bawan Allah ya zo har gida yana tambayata yaushe aka mayar da sadaka tilas. Da na koma rikodin sai na ga shi ke da gaskiya.

A hanya ta biyu ba kya taɓa rubutun, yadda yake a cakuɗe haka za ki bar shi. Ki karanta shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da kin rubuta komai ba. A karatu na biyu ki shafa kala a abu uku kawai: inda aka yanke magana, inda aka ambaci adadi ko rana, da inda mutum ya faɗi abu da harshe ɗaya ya sake faɗa da ɗayan. Na ukun nan ki ajiye jimlolin biyu kusa da juna ki tambayi kanki me ya ƙaru, me ya ragu. Sannan ki rufe rubutun ki rubuta kowace gaɓa da bakinki kamar kina ba wa maƙwabciyar da ba ta je ba labari, kina sa lambar shafi ko mintin rikodin a gefe don kanki. Daga ƙarshe ki buɗe ki duba adadi ɗaya bayan ɗaya. Misalin can sai ya fito haka: "Shugaba ya gabatar da ₦2,500 a kan kowane gida kafin ƙarshen wata, ya ce ga wanda ya samu hali. Ma'aji ya tunatar cewa a karon baya gida 15 ne suka biya. Ba a fayyace ko biyan dole ne ba."

Kin ga ban rubuta cewa dattijo ya amince ba. "Allah ya kai mu" ba ƙuri'a ba ce, haka "za a duba" da "ba komai" da "sai mun gani". Haka "ni dai ban ƙi ba" na ma'aji, nauyin maganarsa yana bayan bot ɗin nan ne.

Raunin hanya ta biyu shi ne ta dogara da kunnenki da adalcinki, ba wanda zai iya bin sawunki cikin sauƙi sai da lambobin shafin nan, shi ya sa kar ki yar da su. Kuma tana da saurin barin Turanci ya sulale cikin Hausarki, sai ki ga kin rubuta "an ɗaga batun" ko "an motsa ƙudiri". Gwajin shi ne ki karanta da ƙarfi, duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa Hajiyarki haka ba ki sake ta. Amma kar ki matsa wa kanki kan kalmomin da suka riga suka zama namu, kwamiti da rasit da janareta da famfo Hausa ce, in kika tsaya ƙirƙiro musu wata kalma sai an nemi mai fassara taƙaitawar ma.

Wajen adadi kuwa duk hanyoyin biyu suna iya kayar da ke, don kuskuren tun wajen kwafa yake shiga. Fiftin da fifti a rikodin waya, ga ƙarar fanka, kusan ɗaya suke, to ki koma ki saurara ko ki duba littafin ma'aji. Tu fayif ₦2,500 ne a zancen kuɗin gida, amma in mai gyaran famfo ya ce tu fifti a zancen sabon injin tura ruwa ₦250,000 yake nufi, ba ₦250 ba. Shi ma ƙarshen watan ki tambayi ciyaman wanne, don wanda ya ji da Turanci watan Bature ya ɗauka, dattijon da ya ji da Hausa yana iya lissafa na Musulunci. Ki sa ranar da lamba.

Inda zan ce ki bi ta farko shi ne in akwai rigimar da za ta iya kaiwa gaban mai unguwa ko kotu, ko in wata ƙungiya mai ba da tallafi ta nemi cikakken abin da kowa ya faɗa, ko in wanda zai yi taƙaitawar ba ya jin ɗaya daga cikin harsunan. Ko a nan ma kar ki goge na asalin, ki ja tebur gida biyu, cakuɗaɗɗen a hagu fassara a dama. Naki tunda shafi ɗaya ake so kuma kina jin duka biyun, ki fassara layukan da kika shafa wa kala kawai, sauran ki bar su. Maganar dole ko gudummawa kuma ki kira ciyaman ki ji ta bakinsa kafin ki tura a guruf.