Hattara da masu cewa za su rubuta maka wasiƙar dawo da kuɗi

Jama'a don Allah ku yaɗa wannan. Akwai wasu ɓarayi da aikinsu kawai su jira wanda aka riga aka yashe wa asusu su ƙarasa shi.

Maƙwabciyarmu mai saida atamfa ta tashi da asuba ta ga taransifa uku sun fita daga asusunta na ɗaya daga bankunan nan na waya, dubu 50, dubu 50, sai 38,500, duk zuwa sunan da ba ta taɓa ji ba. Cikin ruɗewa ta je shafin bankin a Fesbuk ta yi ƙorafi, kafin ka ce kwabo wani mai tambarin bankin a hotonsa ya amsa, wai Hajiya ki yi haƙuri ki biyo mu Wasaf mu cike miki wasiƙar ƙorafi. Fom ɗin da ya turo sai tambayar lambar kati da PIN yake, ya ce kuma lamba za ta shigo wayarki ki karanto min. Allah ya taimaka ɗanta na kusa ya fizge wayar, da sauran kuɗin sarin ma sun bi.

Wasiƙar gaskiya ba ta buƙatar PIN ko OTP ko lambobi ukun nan na bayan kati, ko ɗaya. Kai za ka rubuta da kanka ka tura ta imel ɗin da ke cikin manhajar bankin, ba wanda wani ya ba ka a Wasaf ba. Amma kafin rubutu ka fara kira a toshe asusun da katin, don kuɗin sata ba sa kwana wuri ɗaya, rarraba su ake ko a cire a POS.

A ciki ka sa sunanka da lambar asusu, sannan kowace taransifa daban, rana, lokaci, adadi, sunan wanda ya karɓa da bankinsa, da Session ID ɗinta, lambobi 30 ne, suna jikin rasit. Wannan lambar da ita ake bin sawun kuɗin, in babu ita sai su yi ta cewa muna dubawa. Ka faɗa ƙarara ba ni na yi ba, ban sa kowa ba, ina neman ku tuntuɓi wancan bankin a daskarar da asusun da kuɗin suka shiga. In layinka ya ɗauke sabis kafin abin ya faru ka rubuta har da lokacin, wataƙila alamar an sauya maka sim ce a ɓoye.

Ka nemi lambar ƙorafi ka adana. Sati biyu suka cika ba su warware ba, ka kai gaba sashen kare hakkin masu hulɗa da banki na CBN ta cpd@cbn.gov.ng, ka haɗa da wasiƙar farko da lambar da suka ba ka. Hajiya dai ta tura tata, tana jiran amsa.