Kafin ka zaɓi abin da zai juya maka hoton shafin ƙamus zuwa tsurar rubutu

Shafin ƙamus ba da haruffa kaɗai yake magana ba. Kalmar da ake nema, wadda zan riƙa kira kalmar kai, ana buga ta da kauri. Taƙaitattun kalmomi irin su sn. na suna da jam. na jam'i sukan zo a karkace. Furuci yana cikin baka da ɗigo-ɗigonsa a saman wasula, ma'anoni kuma kowace da lambarta. Tsurar rubutu kuwa ba ta san kauri ba, ba ta san karkata ba. Da zarar ka adana fayil ɗin, duk waɗannan sun zama jeri ɗaya, kai da ƙafa ba bambanci. Shi ya sa nake ganin wanda ya fara da tambayar wace manhaja ce ta fi iya karatu ya fara daga tsakiya. Tambayar farko ita ce: da me zan maye gurbin kauri da karkata?

Ga misalin da na tsara domin gwaji. A ce a shafin an buga baki da kauri, sai furucinsa [bā̀kī], sai sn. nj., wato suna namiji, a karkace, sai (jam. bakuna), sannan 1. gaɓar da ake ci da magana da ita 2. gefe: ~n kogi. Irin abin da manhajar karanta hoto takan mayar maka shi ne wannan:

```
baki [baki] sn.nj. (jam, bakuna) l. gabar da ake ci
da magana da ita 2 gefe: -n kogi
```

Kallo ɗaya za ka ce ta yi ƙoƙari. Amma duba da kyau. Furucin ya koma daidai da kalmar kai, wato ba shi da sauran amfani, alhali shi ne ke nuna cewa wasalin farko dogo ne kuma karinsa ƙasa. Lamba 1 ta zama harafin l. Ƙugiyar ɓ ta faɗi. Alamar ~ da ke tsaye a madadin kalmar kai ta zama karan ɗori. Idan ƙ ma ta rasa ƙugiyarta a wani wurin, to bā̀kī da baƙī da bā̀ƙī duk sun zama baki, kalmomi uku sun narke cikin ɗaya, kuma babu abin da zai ja hankalinka tunda kowace kalma ce ta gaskiya.

Hanyoyin tsara rubutun da mutane suka fi bi guda uku ne. Akwai alamomin Markdown, taurari biyu don kauri, ɗaya don karkata. Da sauƙi, amma kamannin shafin kawai suke kwafa. Taƙaitacciyar kalma da jimlar misali duk a karkace suke, don haka a fayil ma ba za ka iya raba su ba. Akwai jadawali, kowane bayani a layinsa, kowane sashe a gidansa. Yana yi idan ƙamus ɗin jerin kalma da fassara ne kawai. Matsalarsa ita ce wata kalmar ma'anarta ɗaya, wata goma sha biyu, sai ka rasa gida nawa za ka ware. Ga kuma wani tarko: Excel yana ɗaukar abin da ya fara da karan ɗori a matsayin lissafi, don haka ɗafi irin -anci zai iya fito maka da #NAME? a maimakonsa.

Ta uku ita nake zaɓa, kuma ita nake ba kowa shawara in dai ma'anonin suna da lambobi. Ita ce alamomin MDF da ake amfani da su a manhajar Toolbox ta ƙungiyar SIL, inda kowane layi ke farawa da alamar da ke faɗin ko mene ne shi:

```
\lx baki
\ph bā̀kī
\ps sn. nj.
\pl bakuna
\sn 1
\dv gaɓar da ake ci da magana da ita
\sn 2
\dv gefe
\xv ~n kogi
```

Ba sai ka girka Toolbox ba kafin ka rubuta haka, Notepad ma ya isa. Amfaninsa shi ne lambar ma'ana tana da layinta, ba za ta taɓa cakuɗewa da wata lamba da ke cikin bayani ba. Ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a kafaɗar kalmomi masu rubutu iri ɗaya, wadda takan sauko ta manne ta zama baki1, ita ma tana da nata wurin, \hm. In wata rana kana so ka shigar da aikin cikin manhajar tsara ƙamus ta FieldWorks Language Explorer, tana karɓar wannan tsarin. Shawarata a nan ita ce ka kwafi abin da ke shafin kamar yadda yake. Ka bar ~ a matsayin ~, ka bar sn. a taƙaice, kada ka warware su yayin bugawa. Warwarewa aikin minti kaɗan ne daga baya, amma in ka warware ba daidai ba tun farko, shaidar ta ɓace. Inda ka yi shakka kuma ka sa layin \nt ka faɗi shakkarka.

To yanzu sai maganar wa zai karanta hoton.

Abin da ke cikin waya, Google Lens ko Live Text na iPhone, kyauta ne kuma nan take. In bayani biyu ko uku kake so ka tura wa wani, ya wadatar, ka gyara da hannu. Ba ya ba ka kauri ko karkata, kuma ba ka da hanyar koya masa harafin da bai sani ba. Buɗe hoto da Google Docs daga cikin Drive ya ɗan fi, domin yakan riƙe kauri da karkata, sai dai shafin da aka raba gida biyu yakan rikita shi, ƙamus kuwa kusan duk haka suke.

Tesseract shi ma kyauta ne, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. An fara shi a kamfanin HP, aka sake shi ga kowa a 2005. Tun daga fitowa ta 4 a 2018 karatunsa ya inganta sosai, amma sabon injin ba ya faɗa maka wane rubutu ne mai kauri, wane ne a karkace. Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne ba ya iya fitar da harafin da babu shi a fayil ɗin harshen da ka zaɓa. Idan babu ə ko ɗ a ciki, komai kyan hoton, mafi kusa da su zai ba ka, wato e ko d. Ana iya horar da shi, amma aikin mai haƙuri ne da ya saba da buga umarni. In za ka gwada, ka yanka shafin gida-gida tukuna, ka ba shi ɓari ɗaya:

```
tesseract hagu.png hagu -l eng --psm 4
```

Wannan --psm 4 yana gaya masa cewa rubutun jeri ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa, kada ya tsallaka gefe. A wurin eng sai ka sa harshen da ya dace.

ABBYY FineReader na kuɗi ne, kuma abin da kake saya a wurinsa abu biyu ne da suka shafi ƙamus kai tsaye. Yana riƙe kauri da karkata idan ka fitar da aikin a DOCX ko HTML, sannan yana barin ka ƙara haruffa cikin jerin harshe, ka koya masa siffarsu. Riƙe kaurin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin da shi za ka iya cewa duk rubutu mai kauri a farkon sakin layi ya zama \lx, ka yi wa ɗaruruwan bayanai alama a lokaci guda. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fitar da TXT kai tsaye, a zubar da ainihin abin da aka biya kuɗi dominsa. Transkribus kuma ya fi dacewa da tsohon bugu ko rubutun hannu, inda kake gyara wasu shafuka da kanka ka horar da shi a kansu. Don shafi biyar bai cancanci wahalar ba, don littafi sukutum ya cancanta.

Sai bugawa da hannu, wadda mutane ke rainawa. A ce shafi yana da haruffa 4,000, manhaja ta karanta kashi 99 cikin 100 daidai. Saura kuskure 40 ke nan a shafi ɗaya, kuma ba a warwatse suke ba, sun taru ne a furuci da taƙaitattun kalmomi da lambobi, wuraren da ido ke tsallakewa. Idan shafukanka ba su wuce goma zuwa ashirin ba kuma furuci ya yi musu yawa, bugawa ta fi farautar kurakurai sauri. In za ka ba wani aikin, ka tabbata ya san harshen kuma kibod ɗinsa yana da haruffan. Mafi inganci shi ne mutum biyu su buga shafi ɗaya kowa daban, a gwama fayilolin da diff, umarnin da ke nuna inda fayil biyu suka bambanta, a koma hoto a duk inda suka saɓa. Kada a buga a Word ba tare da an kashe gyaran kai tsaye ba, don yana mayar da harafin da ya biyo bayan aya babba, yana kuma karɓe lambobin ma'ana ya mai da su jerinsa.

Kowace hanya ka bi, alamomin furuci suna da nasu sharaɗin. Fayil ya zama UTF-8. Alamar tsawo ta IPA, tsarin haruffan furuci na duniya, ː, lambarta U+02D0, ba ruwa biyu ba ce, haka alamar ƙarfin gaɓa ˈ, U+02C8, ba waƙafin sama ba ce, ko da yake a allo sun yi kama. Wasali mai alama biyu ya fi ba da wuya. A Unicode akwai ḕ da ṑ a haɗe, amma babu ā̀ a haɗe, sai dai a rubuta ā a bi shi da U+0300. Wasu nau'o'in haruffa sukan nuna alamar ta zame gefe, sai mai gyara ya ɗauka datti ne ya goge ta. Ka duba da Charis SIL ko Doulos SIL kafin ka goge komai. Idan ka nemi kalmar da kake gani da idonka amma kwamfuta ta ce babu, yawanci an rubuta wasali ɗaya ta hanya biyu ne, sai a daidaita fayil ɗin gaba ɗaya zuwa NFC, tsarin Unicode da ke haɗe wasali da alamarsa a duk inda hakan zai yiwu.

Hoton kansa ma yana da hakki. Takardar ƙamus siririya ce, rubutun baya yana leƙowa ya zama ɗigon ƙarya a kan wasula, don haka ka sa baƙar takarda a bayan shafin. Ka danne wajen ɗinki ya miƙe. In sikana ce, 300 dpi shi ne mafi ƙaranci, ƙananan haruffan ƙamus kuwa sun fi son 400 zuwa 600. In za ka tura hoton ta manhajar hira, tura shi a matsayin fayil, don matse hoto yana cinye ƙugiya. Kuma shafin farko da za ka ɗauka shi ne na jerin taƙaitattun kalmomi da ke gaban littafin.

Kafin ka biya kowa ko ka sayi komai, ɗauki ɓari ɗaya mafi cunkoso ka ba kowane zaɓi. Ƙirga kalmomin kai a hoton da yatsa, ban da kalmomin jagora da ke can saman shafi, sannan bayan ka sa wa fayil ɗin alamomin MDF, ka gwama da wannan umarni da ke ƙirga layukan \lx:

```
grep -c '^\\lx ' hagu.txt
```

Idan hoto ya nuna 23 fayil ya ce 21, bayani biyu sun shige cikin maƙwabtansu. Daga nan ka bi layukan \sn ka ga ko akwai inda 3 ta biyo bayan 1, ka bi layukan \ps ka ga ko akwai abin da babu shi a jerin gaban littafin, sannan ka karanta layukan \ph ɗaya bayan ɗaya, hoton yana buɗe a gefenka.