Mutum biyu a ɗaki ɗaya a taron Zoom: rufe makirfo, iyafis, ko cire sauti?

"'Yan uwa, ni da abokiyar aikina muna shiga taron Zoom daga ofis ɗaya, kowa da kwamfutarsa. Da na fara magana sai amsa-kuwwa, wani lokaci har da ƙara mai huda kunne. Ta danna Mute amma bai daina ba. Mu sayi iyafis ne?"

Malama, kada ku sayi komai tukuna. Kowace kwamfuta tana iya share sautin da lasifikarta ta fitar ne kawai, ba ta san abin da ta kusa da ita ke fitarwa ba. In kin yi magana, muryarki ta tafi Zoom, ta fito a lasifikar abokiyar aikinki bayan ɗan jinkiri, sai makirfonki ya sake ɗaukarta. In zagayen ya ci gaba yana ƙaruwa, shi ne wannan ƙarar.

Shi ya sa Mute ɗinta bai wadatar ba. Makirfonta ya rufe, amma lasifikarta na nan tana aiki, ita ce kuma ke mayar miki da murya.

Iyafis ya fi wannan, domin in kowa ya sa nasa, babu lasifikar da ke zuba sauti a ɗakin, ƙarar ta mutu ke nan. Sai dai da sauran rina a kaba. Muddin makirfonta a buɗe yake, zai ɗauki muryarki daga nesa, mutanen taro su ji ki sau biyu, ke ma ki riƙa jin kanki a kunne. Dole mai sauraro ta rufe nata duk lokacin da ɗayar ke magana. Ko da kun kiyaye, za ta ji ki a ɗaki, ta sake jin ki a iyafis a makare, abin da ke gajiyar da mutum in taro ya yi tsawo.

Ni cire sautin kwamfuta ɗaya na fi so. Abokiyar aikinki ta danna 'yar kibiyar da ke gefen alamar makirfo ta zaɓi Leave Computer Audio. In da waya ta shiga, ta nemi Disconnect Audio a cikin More. Makirfonta da lasifikarta sun fita daga taron, amma hotonta na nan, tana kuma ganin kowa. Za ku gane ya yi idan maɓallin ya koma Join Audio. Sai ku ajiye taki kwamfutar a tsakiya, ku biyu ku yi magana ta cikinta.

Wannan ma da iyakarsa. Sunanki ne zai haska ko ita ke magana, kuma in kin danna Mute kin rufe bakinku duka. Yana kuma buƙatar ku zauna kusa, kamar mita ɗaya daga makirfon. In teburanku na da nisa da juna, ko akwai wasu a ofishin da bai kamata su ji taron ba, to nan iyafis ya fi dacewa.