Masara da tumatir a akwatin busarwa: nauyi ɗaya, zafin da suke ci daban

"Jama'a, akwatina mai busarwa da zafin rana faɗinsa murabba'in mita 4 ne. Masara kilo 100 takan bushe a kwana biyu ko uku, amma tumatir kilo 100 ya yi fumfuna. Me ya bambanta su?"

Hajiya, ruwan da ke cikinsu ne ya raba su. Kowane kilo ɗaya na ruwa sai ya sha zafi kimanin megajul 2.4 kafin ya zama tururi ya fita, ko daga masara ya fito ko daga tumatir. Megajul shi ne ma'aunin yawan zafi.

Mu ɗauki masarar da aka girbe da danshi kashi 25 cikin ɗari, ana son ta sauko 13 don ajiya. Ainihin hatsin kilo 75 ne. In danshi ya sauko 13, hatsin shi ne kashi 87 na nauyin, don haka raba 75 da 0.87, kin samu kilo 86.2. Ke nan ruwa kilo 13.8 ne zai fita, megajul 33. Shi kuwa tumatir, kashi 94 nasa ruwa ne, namansa kilo 6 kacal. Kafin ya zama kauɗa mai danshi kashi 10, nauyinsa zai dawo kilo 6.7. Ruwa kilo 93 za a kora, megajul 224, kusan ninki bakwai na masara.

To, nawa akwatinki ke samu? A ƙasar Hausa da rani, murabba'in mita ɗaya yakan samu wajen megajul 20 a yini. Amma yawancinsa yana salwanta ta leda, ta bango, da iskar da ke fita da ɗuminta. In muka ƙaddara kashi ɗaya cikin huɗu ne ke korar ruwa, daga megajul 80 da murabba'in mita 4 ke samu, akwatinki megajul 20 yake aiki da shi, wato ruwa kilo 8 a yini. Masara kwana biyu, tumatir kwana goma sha ɗaya, alhali yankakken tumatir ba ya jure ko rabin haka bai yi tsami ba. Ni dai ba zan wuce kilo 25 a zubi ɗaya ba: megajul 56, kwana uku.

Sai dai masara kan ɗan saɓa wa lissafin. Ruwanta na ƙarshe a can cikin ƙwaya yake, a hankali yake fitowa, kuma matsa mata zafi tsattsaga ta yake yi. In ta iri ce, kada ta wuce digiri 40 da ɗan kai, don kada ta ƙi tsirowa.

Tumatir iska ya fi buƙata, musamman a ranar farko. Idan kika ga gumi yana taruwa a ƙarƙashin ledar yana ɗiga, tururi ne ya rasa hanyar fita. Buɗe kafofin iskar, ki jera yankan kada wani ya hau wani, gefen da aka yanka yana kallon sama. Ki auna faranti ɗaya da safe, ki sake aunawa da yamma. Abin da ya ragu shi ne ruwan da ya fita, ki ninka da yawan farantan ki gani ko ya kai kilo 8.