Mahaɗi tsirara da mahaɗi mai alama

A ce ka tallata takalma a Facebook da Instagram da mahaɗi ɗaya tsirara. Mutum 500 sun danna, 12 sun saya. Daga ina 12 ɗin suka fito? Ba lallai ka sani ba. Galibi wanda ya buɗe mahaɗin daga saƙon WhatsApp ma, Google Analytics, mai ƙirga masu ziyartar shafinka, zai jefa shi cikin rukunin Direct, kamar da hannunsa ya rubuta adireshin.

Mai alama kuwa, wutsiya ake liƙa masa mai faɗin inda mutum ya fito, kowane dandali da tasa. Ga ta Instagram:

```
?utm_source=instagram&utm_medium=social&utm_campaign=takalma
```

Yanzu sai ka ga Facebook ya kawo 400, biyu suka saya. Instagram 100 kacal, amma goma sun biya. Da dannawa kake ƙirgawa, da ka ci gaba da zuba kuɗi a rijiya.

Ni mai alamar nake zaɓa, sai dai yana son kula. Idan ba ka saita purchase, wato saƙon da ke shaida wa Google Analytics an saya, a shafin kammala biya ba, dannawar dai za ka ci gaba da gani. Kuma Instagram da instagram layi biyu za su fito a rahoto, don haka ka riƙe ƙananan haruffa.